Buhu biyu na rogo a tsakar gida: a dafa, a shanya, a jiƙa ko a gurza?

Bayan an ɗauke ruwan bara, Kawu ya aiko mana da rogo buhu biyu daga gonarsa ta wajen Kachia. Direban ya sauke su a ƙofar gida a Rigasa ana kiran la'asar, kafin in dawo daga masallaci yara sun kwance bakin buhu ɗaya. Na tarar da ƙaramin a bayan ƙofa da guntun rogo fari fat a hannu, ya ɓare bawon da haƙori yana gurgura kamar ya samu rake. Na karɓe. Gwaggo tana kan tabarma tana kallo, ta ce, "Kai ɗan nan, bar yaro ya ci abinsa. Mu da muka tashi a gona, ɗanyen rogo nawa muka ci, ga mu nan da ranmu."

Gaskiya Gwaggo ta faɗa, ta ci kuma ba ta mutu ba. Ni ma na ci ina yaro. Sai dai ba ta tambayi wane irin rogo ne a buhun ba, kuma a nan maganar take. Ba banza ba Bahaushe ya ce kallon kitse ake wa rogo: fari ne, mai sheƙi, ya yi kama da abin da za a jefa baki nan take.

Kowane rogo yana ɗauke da guba a jikinsa, daga ganye har saiwa, illa dai wani ya fi wani. Sunan gubar sayanayid, amma a cikin rogo ba a sake take ba. A ƙulle take cikin wani sinadari da ake kira linamarin, kamar wuƙa a kube. Mabuɗin da ke sakinta, wani sinadari ne daban mai suna linamares, shi ma yana cikin rogon amma a wani ɓangare na ƙwayoyin naman, ba sa haɗuwa muddin rogo yana zaune lafiya a ƙasa. Ranar da aka tauna, ko aka gurza, ko aka daka, ko aka bar shi ya ruɓe a ruwa, shingen da ke tsakaninsu ya rushe, su haɗu, guba ta fito. Da wannan dabara rogo ke kare kansa daga ɓera da gafiya da ƙwari.

Abin da ya zama rahama shi ne, gubar da ta saku ba ta iya zama. Tana narkewa a ruwa, kuma tana tashi ta bi iska da zafi kaɗan, wajen digiri 26, wanda ko inuwar Kaduna a watan Maris ta wuce shi. Saboda haka duk wata hanyar sarrafa rogo da mutane suka gada, dabara ɗaya ce: a sa gubar ta fito a waje, a kwano ko a buhu ko a rana, kafin ta samu damar fitowa a cikin mutum. Wanda ya ci ɗanye kuwa, ya mai da cikinsa wurin da za a yi wannan aikin.

Ana raba rogo gida biyu. Akwai rogon ci, mai zaƙi-zaƙi, wanda ake tallan dafaffensa da garin ƙuli da yaji a tashoshi da ƙofar makarantu. Shi gubarsa ba ta kai miligiram 50 a kilo ɗaya na ɗanye ba, kuma galibinta tana cikin bawo. Akwai kuma mai ɗaci, wanda ake nomawa domin garin kwaki da sitaci da alabo. Shi gubar ta ratsa har cikin namansa, tana iya kai miligiram 200, 300, har 400 a kilo. Manomi yana son mai ɗacin don ɓarawo da biri da gafiya ba sa damunsa sosai, kuma ya fi jure zama a ƙasa.

Ga lissafin da ya sa na karɓe guntun daga hannun yaron. Adadin sayanayid da ke iya kashe mutum yana farawa daga rabin miligiram zuwa miligiram 3 da rabi a kan kowane kilo na nauyin jikinsa. Yaron nan kilo 15 ne. Ke nan daga miligiram 7 da rabi an shiga yankin haɗari. Idan rogon na ci ne mai miligiram 30 a kilo, sai ya cinye giram 250 kafin ya kai nan, wato saiwa guda matsakaiciya, kuma yawanci yaro ya gaji da tauna kafin ya gama. Idan kuwa mai ɗaci ne mai miligiram 200, giram 40 ya isa, guntun da bai fi babban yatsa biyu ba. Ba dukan linamarin ne ke sakin gubarsa a ciki ba, wani yana fita ta fitsari yadda ya shiga, wannan ne ma ya sa mutane da yawa ke tsira da jiri da amai kawai. Amma ba wanda zai auna wa ɗansa wannan sa'ar. Gwaggo rogon ci ta ci, tana da girman jiki, kuma guntu ɗaya ne a bakin gona.

To ta yaya za a gane wanne ne a buhu? Harshe yana taimakawa. A ɓare, a yanko ɗan ƙarami daga tsakiya, babba ya ɗora a kan harshe, ya tofar. In ya ji ɗaci ko wani maƙaƙi da ke kama harshe, magana ta ƙare, ba na tukunya ba ne. Amma rashin ɗaci bai zama shaida cikakkiya ba, domin irin rogo ɗaya yana iya canja hali. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, ko aka shuka a ƙasar da ta gaji, gubar tana ƙaruwa ko a rogon ci. Kamannin bawo ko launin ganye kuwa ba abin dogaro ba ne ga wanda ba manomin wannan gona ba. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne a tambayi wanda ya noma. Na kira Kawu a waya. Ya ce buhun da aka ɗaure da jan ƙyalle na ci ne, ɗayan kuwa na masu gari ne, ya manta bai faɗa wa direba ba. Buhun da yara suka kwance, ba shi da jan ƙyalle.

Daga nan sai uwargida ta kawo tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan. Ta ce, "Malam, to yanzu ya za mu yi da shi? Ba sai mu dafa duka ba? Ai wuta tana kashe komai." Kuma ba mu da lokacin dogon tunani, domin rogo ba doya ba ne. Kwana biyu zuwa uku da cirewa ya fara baƙin zare-zare a ciki, ya fara lalacewa.

Wannan zato na cewa wuta tana kashe komai, shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma masu ilimi ma suna yin sa. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma linamarin ba ƙwayar cuta ba ne, tafasa ba ta rusa shi. Abin da zafi ke kashewa shi ne mabuɗin, wato linamares. Da zarar rogo ya ɗauki zafi sosai, mabuɗi ya mutu, guba ta zauna a ƙulle a cikin naman, ta tafi ciki a haka, inda ƙwayoyin hanji ke iya sakin wani kaso nata. Abin da ke rage guba a dafuwa ruwa ne: linamarin yana narkewa ya fita ya shiga ruwan tukunya. Ke nan amfanin dafuwa ya dogara ga girman yanka da yawan ruwa. Manyan gunduwa-gunduwa, irin na masu talla, suna iya riƙe fiye da rabin gubarsu bayan sun nuna lugub. Ƙananan yanka cikin ruwa mai yawa su ne ke zubar da mafi yawa.

Saboda haka dafuwa hanya ce mai kyau ga rogon ci, kuma ga shi kaɗai. Yadda muka yi da buhun mai jan ƙyalle: aka ɓare bawo duka biyu, na waje mai ruwan ƙasa da na ciki mai kauri, domin na cikin ne ma ya fi guba. Aka tsaga kowace saiwa gida huɗu, aka cire zaren tsakiya, aka yanka gajeru. Aka wanke, aka zuba ruwa har ya sha kansa sosai, aka bar tukunya a buɗe tana tafasa har cokali ya ratsa ba gardama, wajen minti 30. Sannan aka tsiyaye ruwan aka zubar. Wannan zubarwar ita ce rabin aikin. Wanda ya dafa rogo da ɗan ruwa har ya tsotse, ko ya yi fate da ruwan dafuwar, ya mayar da abin da ya fitar.

Idan aka ɗauki lissafin ɗazu, rogo mai miligiram 30 da dafuwa ta raba gubarsa biyu ya koma 15 a kilo, babba ya ci rabin kilo ya sha ruwa ya tashi, jikinsa ya sarrafa sauran. Mai miligiram 200 kuwa ya koma 100. Faranti ɗaya na yaro ya wuce iyaka. Da yawa daga cikin labaran da ake ji na iyali sun kwanta asibiti bayan cin rogo, dafaffe suka ci, ba ɗanye ba.

Gashi da suya da turara sun fi dafuwa rauni, kuma dalilin a fili yake: akwai zafin da ke kashe mabuɗi, babu ruwan da zai kwashe guba. Gasasshen rogo a bakin gona yana da daɗi, ban musa ba, amma kusan duk abin da ya shiga wuta da shi, da shi yake fitowa. In ba ka tabbatar rogon ci ba ne, kada ka gasa. Wainar rogo da ƙosan rogo hukuncinsu yana bin garin da aka yi su da shi, man suyar ba ya gyara komai.

Saura buhu na biyu, mai ɗaci. Hanyoyi uku ne a gabanmu: a ɓare a yanka a shanya kawai, ko a jiƙa kwanaki sannan a shanya, ko a gurza a yi garin kwaki.

Ta farko ita ce ta fi jan hankali, don ba ta da wahala. Duk wanda ya bi hanyar Kachia ko ta Kafanchan da rani ya ga farin rogo a baje a gefen kwalta da kan duwatsu. Iskar hunturu tana busar da shi cikin kwanaki kaɗan, a kai inji, a samu gari fari tas, ba tsami ba wari. Uwargida ita ta so, domin garin da ba shi da tsami ya fi mata daɗin haɗa ɗanwake. Matsalar ita ce wuƙa ba ta fasa ƙwayoyin rogo sai a fuskar da ta yanka. Can cikin gunduwar, guba da mabuɗinta ba su haɗu ba, kuma da rogo ya bushe aikin ya tsaya, don mabuɗin ba ya aiki sai da danshi. Abin mamaki, gwargwadon saurin bushewa, gwargwadon yawan gubar da ta rage. Shanya irin wannan tana barin kamar kashi 25 zuwa 33 cikin 100 na gubar.

Wani zai ce ai an rage kashi biyu cikin uku, ba laifi. A nan ne lissafi ke yaudara, domin ruwa ma ya fita, abin ya taru wuri ɗaya. Kilo ɗaya na ɓararren rogo yana ba da gari kamar giram 400. In ya fara da miligiram 200, shanya ta bar 60, to wannan 60 ɗin tana cikin giram 400 ne yanzu. Ke nan kilo ɗaya na garin yana da miligiram 150. Iyakar da hukumomin lafiya da abinci na duniya suka amince da ita a garin rogo miligiram 10 ce a kilo. An ninka ta sau 15, a gari mai kyan gani wanda ba wanda zai zarga. A shekarar 2017, a gundumar Kasese ta ƙasar Yuganda, mutum 98 suka kamu bayan cin tuwon garin rogo, biyu suka rasu, kuma da aka bi sawu garin rogo mai ɗaci ne da ba a sarrafa shi yadda ya kamata ba. Shanya kawai ta dace da rogon ci mai ƙarancin guba sosai. Ga buhunmu, na ce a'a.

Jiƙo ya fi ɗaukar lokaci, kuma yana da wari, wannan kam ba a ɓoyewa. Ana ɓare rogo, a yanka shi biyu ko uku, a zuba a baho ko randa ko durom, a cika da ruwa har ya rufe shi ruf, a ɗora wani abu mai nauyi don kada ya taso. Kwana na farko ba abin da za ka gani. Na biyu kumfa ta fara taruwa a sama, ruwa ya yi fari-fari. Na uku tsami ya cika tsakar gida, maƙwabta su san abin da kake ciki. Abin da ke faruwa a cikin ruwan shi ne rogon yana ruɓewa a hankali, ƙwayoyinsa suna fashewa har tsakiya, guba tana haɗuwa da mabuɗinta a ko'ina, tana fita cikin ruwa tana bin iska. Da zafi kwana uku zuwa huɗu yana isa. Da sanyin Disamba da Janairu, ruɓewa tana nawa, sai a ba shi biyar. Amma kada a ƙirga kwana kawai, a sa hannu. A ɗauko gunduwa mafi kauri a matsa: in ta marmashe a tsakanin yatsu har zaren tsakiya ya zare da kansa, ta yi. In akwai tauri a tsakiya, a mayar. Daga nan a tsame, a marmasa, a matse a buhu, a baza a rana a kan tabarma ko leda har ya bushe ƙayau, a kai niƙa.

Jiƙo cikakke tare da shanya yana barin kamar kashi 2 cikin 100 kacal. A lissafinmu, miligiram 200 ta koma 4 a cikin giram 400 na gari, wato 10 a kilo. Daidai kan iyaka. Ka ga tazarar da ke tsakanin 150 da 10, kuma rogo ɗaya ne, rana ɗaya ce ta busar da su, bambancin kawai kwana huɗu a ruwa.

Inda jiƙo ke ɓaci shi ne gaggawa. Mai sayarwa yana son ya riski kasuwa, ko gida babu abinci, sai a tsame a kwana ɗaya ko biyu. Wannan gajarta jiƙo an same ta a bayan ɓarkewar wata cuta da ake kira konzo a ƙasar Kwango, inda aka fara bayyana cutar a 1938. Konzo shanyewar ƙafafu ce da ke zuwa farat ɗaya, yaro ko mace mai shayarwa su kwanta lafiya su tashi ƙafafu sun sanƙare, suna tafiya a kan yatsu, kuma ba ta warkewa. A arewacin Mozambik, lokacin farin 1981, sama da mutum 1,000 ta kama. Fari ya ƙara wa rogo guba, yunwa ta hana mutane jira, kuma babu wani abinci sai shi.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin jiki yana da tasa hanyar kashe ɗan abin da ya rage. Hanta tana juya sayanayid zuwa wani abu mai sauƙi da ke fita ta fitsari, amma tana buƙatar sinadarin da take samu daga abinci mai gina jiki: wake, gyaɗa, kifi, ƙwai, nama, nono. Rogo kuwa kusan sitaci ne zalla. Duk wanda ya fara haɗa dafaffen rogo da ƙuli, ko alabo da garin wake a ɗanwake, ya yi hikimar da bai san sunanta ba. Abin da hantar ke fitarwa kuma yana hana jiki amfani da aidin yadda ya kamata, don haka mai yawan cin rogo da ba ya samun gishiri mai aidin ya fi kusa da maƙoƙo.

Hanya ta uku, garin kwaki, ita ce ta fi duka fasa rogo. Injin gurza yana mai da shi ɓarza cikin mintuna, ba ƙwayar da ta tsira, guba da mabuɗi su cakuɗe nan take. A ɗura a buhu, a danne da dutse ko jak, ruwa mai guba ya yi ta tsiyaya kwana biyu zuwa huɗu yana tsami. A tankaɗe, a toya a babban kasko ana juyawa har ya bushe, zafin ya kori abin da ya saura. A wajen tsabtace guba, kusan kunnen doki suke da jiƙo, duka biyu suna barin kamar kashi 2 cikin 100. Shi ya sa mai jiƙa kwaki da ruwan sanyi da sukari ba ɗanyen rogo yake sha ba, an riga an gama masa aikin.

Maganar da ake yi cewa kwaki yana kashe ido tana da tushe, ko da yake an faɗaɗa ta. A shekarun 1960, Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi bincike a kan wata cutar jijiyoyi a kudu maso yammacin Najeriya, mai kawo raunin gani da na ji da tangaɗi a tafiya, a tsakanin manyan mutane da suka shekara da shekaru rogo ne abincinsu safe da dare ba wani mahaɗi. Wannan daban ne da ɗalibin da ke shan kwaki da gyaɗa sau uku a mako. Garin da ke da haɗari shi ne na rana ɗaya: a gurza da safe, a matse da injin, a toya da yamma sama-sama. Alamarsa, ba ƙamshin tsami, ba ya ƙaras-ƙaras a baki, in ka damƙa a hannu yana dunƙulewa saboda danshi.

To me ya hana mu yin kwaki? Kayan aiki. Babu injin gurza kusa da mu, babu kasko, kuma tuyar gari sana'a ce, wadda ba ta saba ba za ta ƙona rabi ta bar rabi ɗanye. Ga hayaƙi da tururin da ke tashi daga kaskon, wanda shi kansa guba ne, dole a yi a fili inda iska ke kaɗawa. Da a ce muna kusa da masu wannan sana'a, kamar yadda ake samu a garuruwan kudancin jihar, da na kai musu na biya kuɗin aiki, domin kwaki ya fi alabo daɗewa a ajiye kuma ya fi kuɗi a kasuwa. Ga mai buhu goma, kwaki ya fi. Ga mai buhu ɗaya a cikin gari, da baho biyu da ruwan rijiya, jiƙo ne. Shi muka yi, kwana biyar saboda sanyi.

Ba mu fita ba asara ba, kuma laifina ne. Na mai da hankali a kan yara na manta da dabbobi. Ranar da aka ɓare mai ɗacin, aka tara bawon a bayan ɗaki, akuyar uwargida ta tsinke igiya ta same shi. Kafin magariba tana tangaɗi, numfashi sama-sama, kumfa a baki, cikin ya kumbura. Gwaggo ta ce a ɗura mata manja, aka ɗura, ba ta kai isha ba sai da aka sa mata wuƙa. Bawon rogo abincin dabba ne mai kyau, amma bayan ya sha rana ya bushe sarai. Haka ruwan jiƙo da ruwan matsa: a haƙa rami a zuba a rufe, kada a sake shi a kwata inda kaji da awaki ke sha.

Abin da ya faru da akuyar, shi ne ke faruwa da mutum. Alamun suna zuwa cikin 'yan sa'o'i bayan ci: ciwon kai, jiri, amai, murɗar ciki, kasala kamar an zare laka, wani lokaci gudawa. In ya yi tsanani, numfashi ya riƙa fizga, mutum ya rikice, ya yi jijjiga, ya suma, domin gubar tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar da ake shaƙa. Babbar alama ita ce mutum biyu ko uku da suka ci kwano ɗaya su kwanta lokaci ɗaya, kuma yara su riga manya. Manja da madara da ruwan gishiri ba makarin wannan guba ba ne. A tafi asibiti nan take, a faɗa musu rogo aka ci da lokacin da aka ci, a riƙe ragowar abincin. Akwai alluran da ke karya ta, ɗaya ma wani nau'in bitamin B12 ne, amma amfaninsu yana ga wanda ya iso da wuri. Sauran waɗanda suka ci tare, ko ba su nuna komai ba, su ma a tafi da su.

Yawancin mutanen Kaduna dai ba buhun ɗanye ake aiko musu ba, mudu suke awo a Kawo ko Kasuwar Bacci ko wajen mai shago a unguwa. Mai awon alabo ba shi da hanyar sanin tarihin garin, sai hanci. Wanda aka jiƙa yana da ɗan tsami-tsami a ƙamshi ko bayan ya bushe. Wanda ba ya warin komai, fari ƙal, wataƙila daga rogon ci ne, wataƙila kuma mai ɗaci ne da aka shanya kawai. In ka ɗanɗana ka ji ɗaci a ƙarshen harshe, bar shi a wurin ko nawa aka rage maka.

In kuwa an riga an auno, ana kokwanto, akwai dabarar da wani masani ɗan Ostireliya, Howard Bradbury, ya fito da ita, aka kuma yi amfani da ita a ƙauyukan Kwango wajen dakatar da konzo. A zuba garin a kwano, a daidaita samansa, a yi alama a jikin kwanon inda ya tsaya. A riƙa zuba ruwa ana juyawa. Garin zai fara sauka ƙasa, sannan ya kumbura ya dawo. Idan ya dawo kan alamar, ruwan ya isa. A baza shi a faifai ko tire, kaurinsa kada ya wuce santimita ɗaya, kamar faɗin farce. A bar shi awa 5 a inuwa ko awa 2 a rana, sannan a tuƙa tuwo a ranar. Danshin yana tayar da mabuɗin da bushewa ta sa barci, ya ƙarasa aikin da shanya ta bari, gubar ta bi iska. Yana rage ta ninki uku zuwa shida. A garin da aka shanya kawai yake aiki. Kwaki kuwa ya riga ya sha wuta kuma yana da tsami, dabarar ba ta kama shi sosai.

Alabon da muka samu daga buhun nan ya kai mu har azumi. Uwargida ta ce tsaminsa ya fito a ɗanwake, sai ta ƙara garin wake da kuka, ya daidaita. Bana da Kawu ya kira zai sake aikowa, Gwaggo ce ta karɓe wayar daga hannuna, ta ce masa in ya tashi ɗaure buhu, ya sa wa mai ɗacin baƙin ƙyalle, na cin kuma ja, ya kuma faɗa wa direba da bakinsa.